Littafin Aikin Gyaran Wasiƙar Neman Gurbin Mai Kula da Sito

Litinin, 3 ga Maris, 2025

Ƙanena ya turo mini wasiƙar imel da yake shirin aikawa tare da takardar tarihin karatunsa da aikinsa, yana neman gurbin mai kula da sito a wani kamfanin rarraba magunguna, ya roƙe ni in duba masa kurakuran rubutu. Na yi shekaru a ofishin kula da ma'aikata, inda tace irin waɗannan wasiƙu yake cikin aikina, saboda haka tun kafin in kai tsakiyar tasa na gane cewa kurakuran rubutu su ne ƙaramar matsalarta. Na buɗe wannan littafi domin in riƙa rubuta abin da muka sauya da dalilin sauya shi, tun da akwai wasu gurabe da zai nema bayan wannan, kuma burina shi ne ya iya gyaran da kansa. Wasiƙar za ta tafi da harshen da aka rubuta sanarwar aikin da shi, amma a nan da Hausa zan riƙa kawo jimlolinta.

Ga yadda ya buɗe ta: "Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan saƙo zai same ku cikin ƙoshin lafiya. Ina mai farin cikin rubuto muku domin in nemi aiki a wannan kamfani naku mai daraja. Ni matashi ne mai ƙwazo da gaskiya da riƙon amana, mai son aiki tare da jama'a." Daga nan ya shiga labarin karatunsa, ya faɗi digirinsa na ilimin labarin ƙasa da shekarar da ya gama, sai a sakin layi na uku ya ambaci cewa a sito yake aiki yanzu. Na ƙirga kalmomin, na tarar wasiƙar ta haura ɗari uku, kuma kalmar sito ba ta fito ba sai da aka ci kusan rabinta.

Na kira shi na ce ya tura wasiƙar zuwa akwatina kamar ni ce mai ɗaukar aikin, sannan na ɗauki hoton fuskar wayata na mayar masa. Abu uku ne suka bayyana a jerin saƙonni: sunan mai aikowa, kan magana, da 'yan kalmomin farko na wasiƙar, waɗanda suka yanke a daidai "ina fata wannan saƙo zai". Duk wanda ya ga wannan layi bai san wane gurbi ake nema ba, bai san ko mai neman ya taɓa shiga sito ba, kuma a ranar da saƙonni suka yi yawa wannan ɗan layi shi ne yake sa a buɗe wasiƙa yanzu ko a bar ta sai an samu sarari. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Yaya, to ai idan na cire gaisuwar za a ce ba ni da ladabi." Na ce masa gaisuwa za ta zauna, amma a layi ɗaya gajere, domin ladabin da mai tace wasiƙu yake gani shi ne a sauƙaƙa masa aikinsa. Ranar rufe karɓar takardu ita ce Juma'a, 14 ga wata, saboda haka muna da lokaci.

Talata, 4 ga Maris

Yau ba mu taɓa wasiƙar ba. Sanarwar aikin muka zauna a kai, domin ba yadda za a yi mutum ya nuna ya dace da aiki alhali bai tantance abin da ake nema ba. Na sa ya buga ta a takarda, ya ja layi ƙarƙashin duk abin da za a iya tabbatarwa da hujja, ya tsallake kalmomin da kowace sanarwa take ɗauke da su, irin su ƙwazo da iya mu'amala. Abin da ya rage guda biyar ne. Suna son wanda ya yi aƙalla shekara uku a sito, wanda yake yin ƙidayar kaya ta wata-wata yana daidaita abin da ke kan kanta da abin da ke cikin lissafi, wanda ya saba bin lambar rukunin kaya da ranar ƙarewar wa'adinsu, wanda ya iya Excel, sannan suka ƙara da cewa wanda ya taɓa kula da kayan da ake ajiyewa a sanyi zai samu fifiko.

Waɗannan biyar ba nauyinsu ɗaya ba, kuma sanarwar da kanta tana nuna wanne ya fi. Na koya masa alamu biyu da nake amfani da su. Ta farko ita ce maimaici: maganar ƙarewar wa'adi ta fito sau uku, a bayanin aikin, a jerin sharuɗɗa, da kuma wurin da aka faɗi rahoton da mai gurbin zai riƙa miƙawa. Wanda ya rubuta abu sau uku a sanarwa mai shafi ɗaya, abin nan ne yake damunsa. Ta biyu ita ce bambancin lafazi tsakanin "dole ne" da "zai samu fifiko". Shekara uku dole ce, kuma da ita ake yin tankaɗen farko, wanda sau da yawa ba shugaban sito ne yake yi ba, ma'aikacin ofis ne da yake riƙe da jerin sharuɗɗa yana duba wanda ya cika. Ajiyar sanyi kuwa ƙari ce.

Daga nan muka fahimci cewa masu karatu biyu ne wasiƙar za ta gamu da su, kuma layukan farko dole su gamsar da dukansu. Mai tankaɗe yana neman sunan gurbi da adadin shekaru, shugaban sito kuma yana neman alamar cewa wannan mutum ya san abin da ke faruwa idan aka tura sabon katan gaba aka bar tsoho a baya har wa'adinsa ya wuce. Sa'ar da ƙanena ya yi ita ce sitonsu na yanzu na kayan shafe-shafe ne da sinadaran wanke-wanke, waɗanda su ma suna da lambar rukuni da ranar ƙarewa, kuma ƙa'idar da suke bi ita ce wanda wa'adinsa ya fi kusa shi ake fara fitarwa, ko da shi ne ya shigo daga baya. Wannan shi ne mafi ƙarfin abin da yake da shi, kuma ko sau ɗaya bai ambace shi a wasiƙarsa ta farko ba, domin a ganinsa aikin yau da kullum ne da bai kai a faɗa ba.

A ƙasan sanarwar akwai umarni biyu da ya karanta amma bai ɗauka da muhimmanci ba: a sa lambar gurbin a kan magana, kuma a haɗa takarda a matsayin PDF. Shi ya rubuta "Neman aiki" kawai a kan magana. Na ja hankalinsa cewa inda ake ɗaukar ma'aikata a gurabe da yawa a lokaci guda, da wannan lamba ake lalubo saƙonnin kowane gurbi, kuma saƙon da ba ya ɗauke da ita yana iya zama a akwati ba a ƙirga da shi ba.

Alhamis, 6 ga Maris

Ya turo sabon buɗi da ya rubuta da kansa: "Ina neman gurbin mai kula da sito da kuka sanar. Ina da gogewar shekara huɗu a harkar sito, na ƙware a ƙidayar kaya da Excel, kuma na rage wa kamfaninmu asara da kashi 40 cikin ɗari." An samu ci gaba sosai, domin sunan gurbin ya hau layin farko, karatun da bai shafi aikin ba ya koma ƙasa. Sai dai na tsaya a kan lambobin biyu, kuma a nan muka shafe yawancin yammacin.

Na buɗe takardar tarihin aikinsa na ga ya fara aikin sito a watan Yuli na 2021. Daga nan zuwa Maris na bana shekara uku ne da wata takwas. Ya ce ai ya kusa huɗu, kowa haka yake cikawa. Na ce masa mai tankaɗe yana karanta wasiƙa, sannan ya buɗe takardar, kuma abu na farko da idonsa yake nema shi ne ranakun fara aiki da barinsa. Idan wasiƙa ta ce huɗu, takarda ta nuna ƙasa da haka, to daga wannan lokaci duk wata lamba da ke cikin wasiƙar sai an yi mata kallon zargi. Abin da ya ƙara ba ni takaici shi ne babu ma buƙatar ƙarin, tun da uku suka nema kuma ya haura. Mun mayar da ita "shekara uku da wata takwas", wadda a kunnena ta fi "huɗu" ƙarfi, domin tana nuna mutumin da yake ƙirga abu daidai, kuma ƙirga abu daidai shi ne sana'ar da yake nema.

Maganar kashi 40 ta fi wuya. Na tambaye shi asarar nawa ce kafin ya zo, nawa ta koma, kuma wace takarda ce ta nuna haka. Ya amsa da gaskiya cewa ƙiyasi ne, ya dai san abubuwa sun gyaru ƙwarai. Na ce masa ya ɗauka yana zaune a gaban shugaban sito ranar ganawa, an karanto masa wannan jimla an ce ya yi bayanin yadda ya auna. Duk jimlar da ba zai iya tsayawa a kanta minti biyu yana bayani ba, ba ta da wuri a layukan farko, domin daga layukan farko ake ciro tambayar farko. Sai na juya tambayar na ce ya manta da kaso, ya gaya mini abin da ya yi da hannunsa wanda ya sa abubuwa suka gyaru.

A nan ne ainihin labarin ya fito. Lokacin da ya karɓi siton, sau ɗaya ake ƙidaya a ƙarshen wata, kuma idan aka samu saɓani tsakanin kanta da lissafi an riga an yi makonni da kuskuren, ba wanda yake tuna yadda aka yi. Shi ne ya raba kantocin kashi huɗu, yana ƙirga kashi ɗaya kowane mako, ta yadda kuskure ba ya daɗewa kafin a kama shi. Ya kuma buɗe shafi a Excel mai ɗauke da lambar rukuni da ranar ƙarewar kowane kaya, wanda yake sauya launin duk layin da wa'adinsa ya rage kwana 90 ko ƙasa da haka. Na ce ya duba rahotannin ƙidayar da shi da kansa ya sa wa hannu, ya kawo mini adadin nau'o'in kayan da suke saɓawa a da, da na yanzu. Na gargaɗe shi kada ya kawo darajar kaya a kuɗi ko sunayen abokan cinikin kamfaninsu, domin wannan sirrin wurin aikinsa ne, kuma mai ɗaukar mai kula da sito yana lura da yadda mutum yake riƙe sirrin inda ya fito.

Asabar, 8 ga Maris

Ya dawo da lambobin. Shafinsa yana da nau'in kaya 563. A watannin farko da ya karɓi aikin, nau'o'in da suke saɓawa a ƙidayar ƙarshen wata suna kaiwa ashirin da 'yan kai, a shekarar da ta wuce kuwa ba su taɓa haura shida ba. Da waɗannan muka sake gina buɗin, kuma sai da muka yi zubi uku kafin ya zauna. Ga wanda muka tsaya a kai, bayan layin gaisuwa guda ɗaya:

"Ina neman gurbin mai kula da sito mai lamba SK/07. Shekara uku da wata takwas ke nan ina riƙe da siton kaya masu wa'adi, nau'i sama da 550, ina bin lambar rukuni da ranar ƙarewar kowanne, ina fara fitar da wanda wa'adinsa ya fi kusa. Ƙidayar mako-mako da na shigo da ita ta rage nau'o'in da ke saɓawa da lissafi a ƙarshen wata daga sama da ashirin zuwa shida ko ƙasa da haka."

Jimla ta farko ta mai tankaɗe ce, ta gaya masa tarin da zai sa wasiƙar. Ta biyu ta ɗauki sharaɗin dole da kuma abin da sanarwar ta maimaita sau uku ta amsa su a numfashi ɗaya. Ta uku ita ce hujja, kuma mun tsara ta yadda za ta faɗi abin da ya yi kafin ta faɗi sakamakon, domin shugaban sito zai fi yarda da lamba idan ya ga hanyar da aka bi aka same ta. Kalmomin ƙwazo da gaskiya da riƙon amana duk sun fita. Ya so ya bar riƙon amana, yana cewa shi ne ginshiƙin aikin sito, kuma gaskiya ya faɗa. Amma kusan duk wasiƙar da na taɓa tacewa tana ɗauke da wannan kalma, har da ta waɗanda daga baya aka same su da rashinta, saboda haka idon mai karatu yana wuce ta ba tare da ya tsaya ba. Mutumin da ya ce kayansa 550 ne kuma shida kaɗai suke saɓawa ya riga ya yi maganar amana ta hanyar da za a iya bincika.

Wani abu da na hana shi shi ne kwafo jimlolin sanarwar kalma da kalma. A zubi na biyu ya ɗauko layinsu ɗungurungum ya sa "ina iya" a gabansa, sai ya zama kamar yana karanta musu takardarsu. Abin da ya kamata a ara daga sanarwa shi ne sunayen abubuwa, wato idan sun ce "lambar rukuni" kada a kira ta da wani suna, domin da wannan kalma mai karatu yake laluben abin da yake nema. Ginin jimla da misali kuwa dole su zama na mai neman.

Lahadi, 9 ga Maris

Mun yi saɓani a kan ajiyar sanyi. Bai taɓa kula da ita ba, domin sitonsu ba shi da firji. Ya karanta a kanta, ya san cewa magunguna da yawa irin su insulin da yawancin alluran rigakafi ana ajiye su ne tsakanin digiri 2 zuwa 8 a ma'aunin Salshiyas, kuma ana rubuta zafin firjin a kai a kai. Ya ba da shawara biyu, kuma ban karɓi ko ɗaya ba. Ta farko ita ce ya rubuta cewa yana da "masaniya a kan ajiyar sanyi" a layukan farko, wadda jimla ce da aka gina domin a ɗauka ya yi aikin alhali bai yi ba, kuma tambaya ɗaya game da abin da zai yi idan wuta ta ɗauke da dare za ta tona ta. Ta biyu ita ce ya buɗe da ban haƙuri cewa ko da yake bai taɓa aiki da magunguna ba yana roƙon a duba shi. Wannan kuma ya miƙa wa mai tankaɗe dalilin ajiye wasiƙar tun kafin ya ga dalilin riƙe ta.

Abin da muka yi shi ne muka ba giɓin wuri a sakin layi na biyu, a jimla ɗaya, ba ɓoyo ba kuma ƙasƙantar da kai: "Ban taɓa riƙe kayan ajiyar sanyi ba, amma rubuta bayanin kaya kullum da bin wa'adinsu aikina ne na yau da gobe, kuma a shirye nake in koyi tsarinku." Dalilina shi ne shugaban sito zai gano giɓin da zarar ya buɗe takardar tarihin aikin, kuma gara ya ji shi daga bakin mai neman bayan ya riga ya karanta ƙarfinsa. Wannan dabara tana da iyaka, kuma na faɗa masa. Tana aiki ne saboda ajiyar sanyi ƙari ce a wannan sanarwa. Da a ce sharaɗin dole ce, ko da a ce sun nemi lasisin sana'ar magunguna wanda ba shi da shi, babu gyaran buɗi da zai cike wannan rami, kuma da shawarata ita ce ya kai ƙarfinsa wani gurbin.

Digirinsa ya koma jimla ɗaya a ƙarshen wannan sakin layi, tare da Excel, inda ya ambaci shafin mai sauya launi maimakon ya ce ya ƙware. Rufewar ta zama gajeriya: ya haɗa takardar tarihin aikinsa, ga lambar wayarsa, ga lokacin da zai iya fara aiki bayan ya ba wurin aikinsa na yanzu sanarwar da yarjejeniyarsu ta tanada. Wasiƙar da ta haura kalma ɗari uku ta dawo ƙasa da rabin haka.

Talata, 11 ga Maris

Yau na koma kan takardar tarihin aikin, domin wasiƙa alkawari ce, takardar kuma ita ce cikawa. Na tarar ƙidayar mako-mako ba ta ciki ko kaɗan, shafin wa'adi ma haka, ƙarƙashin aikinsa na yanzu abin da ya rubuta shi ne "kula da shiga da fitar kaya". Mun ƙara layi biyu masu ɗauke da lambobin da ke cikin wasiƙar, ba ƙari ba ragi, muka hau da su saman jerin, yadda wanda ya buɗe takardar yana neman tabbaci zai same shi nan take.

Sauran na ɓangaren na'ura ne, kuma mun yi su da sauri. Fayil ɗin da ya yi niyyar haɗawa hoton takarda ne da ya ɗauka da waya ya mayar PDF. Na sa ya gwada zaɓen kalma ɗaya a ciki, ta ƙi zaɓuwa, wanda yake nuna hoto ne ba rubutu ba, kuma duk wanda ya nemi kalma a cikinsa da `Ctrl+F` ba zai samu komai ba. Ya sake fitar da shi kai tsaye daga manhajar rubutu. Sunan fayil ɗin a da `scan0003.pdf` ne, yanzu ya zama cikakken sunansa da CV da lambar gurbin, domin idan aka sauke takardu da yawa a wuri ɗaya, sunan fayil ne kaɗai yake bambanta su. Sunan mai aikowa da ke fitowa a akwatin mutane laƙabinsa ne na makaranta, shi ma ya mayar da shi sunan da ke kan takardunsa. A kan magana muka fara da lambar gurbi, sai sunan gurbin, sai sunansa, saboda waya tana yanke dogon kan magana daga ƙarshe, kuma abin da ya fi muhimmanci shi ya kamata ya tsira.

Muka sake gwajin ranar farko. A fuskar wayata yanzu ana ganin sunansa, da lambar gurbi, da farkon jimlar da ke cewa yana neman gurbin mai kula da sito. Layin gaisuwar ya ci wani ɓangare na wurin, har jimlar shekarun ba ta fito ba, sai muka taƙaita shi zuwa kalmomi uku, kuma da haka "shekara uku" ta leƙo kafin layin ya yanke. A kwamfuta kuwa an ga fiye da haka.

Laraba, 12 ga Maris

An aika da safe, kwana biyu kafin a rufe. Na sa ya bi tsari ɗaya da nake so ya zame masa al'ada: ya fara haɗa fayil, ya rubuta wasiƙa, ya karanta ta da ƙarfi sau ɗaya, sannan a ƙarshe ya sa adireshin wanda za a aika wa, domin saƙon da ba shi da adireshi ba ya tafiya bisa kuskure. A karatun ƙarshe ne ya kama cewa ya rubuta lambar gurbin daidai a kan magana amma ya juya haruffanta a jimlar farko, ya gyara. Ya kuma ƙara lokacin `Undo Send` na Gmail, wato ɗan lokacin da ake iya janye saƙo bayan an danna aikawa, zuwa daƙiƙa 30, wanda shi ne mafi tsawon da ake bayarwa. Bayan ya aika ya buɗe saƙon daga cikin waɗanda aka tura, ya tabbatar fayil ɗin da ya tafi shi ne sabon.

Litinin, 17 ga Maris

Saƙon tabbatar da karɓa ne kawai ya zo zuwa yanzu, kuma na gaya masa kada ya bi sawu kafin a cika mako biyu da rufewa, tun da sanarwar ba ta faɗi ranar da za su tuntuɓi mutane ba. A halin yanzu ya samu gurbi na biyu, na mai kula da kaya a wani kamfanin kayan gyaran injina, kuma ya turo mini wasiƙar nan tamu bayan ya sauya lambar gurbi kawai. Na mayar masa da ita ba tare da na gyara komai ba, na ce ya fara da buga sanarwar ya ja layi kamar yadda muka yi ranar Talatar farko. Kayan gyaran injina yawancinsu ba su da ranar ƙarewa, saboda haka jimlar da ta fi ƙarfi a wasiƙar farko ba ta amsa wata tambaya a nan. Na leƙa sanarwar na ga abin da suka maimaita shi ne lambar kowane ƙarfe da sanin lokacin da ya kamata a sake odar kaya kafin su ƙare a kanta.

Da yamma ya kira ya ce, "Yaya, ina da wannan ma. Ni nake sa wa kowane kaya iyakar da idan ya sauka ƙasa da ita sai in rubuta buƙatar sayowa." Na tambaye shi nau'i nawa ne yake da wannan iyaka a kansu, kuma sau nawa kaya suka yanke a kanta a shekarar da ta wuce. Ya ce zai duba rahotanninsa gobe. Jimlar shekaru da ta ƙidayar mako-mako za su zauna yadda suke, ta tsakiya ce za a sake ginawa idan lambobin sun zo, kuma wannan karon shi zai yi zubin farko da na biyu kafin in gani. Ana rufe wannan gurbi ranar 28 ga wata.